Yadda ake raba hanyar foklif da ta masu tafiya a ƙasa a sito da filin lodi

Foklif, wato motar nan mai cokula biyu a gaba da ake ɗaga kaya da ita, ƙaramar jikinta tana ruɗar mutane. Wadda aka rubuta wa tan 2.5, irin wadda ake gani a sito-sito na Sharaɗa da Bompai da Chalawa a Kano, nauyinta ita kaɗai ya kusa tan 4, domin akwai dunƙulen ƙarfe a bayanta da ke hana kaya rinjayar ta. In ta ɗauki buhu 30 na taki, ta haura tan 5, kusan nauyin ƙananan motoci huɗu ke nan. Kuma da tayoyin baya take juyawa. Idan direba ya karya kwana zuwa dama, gindinta yana sharo wa zuwa hagu, kuma wanda yake tsaye a nan yana ganin ya ba ta hanya shi ne take matsewa da bango ko ta taka masa ƙafa.

Saboda haka aikin da ke gabanka, kai mai sito ko mai kula da shi, shi ne ka tsara wurin yadda mutum da foklif ba za su kasance a waje ɗaya a lokaci ɗaya ba. Ko dai ka raba musu wuri, ko ka raba musu lokaci. Oda da madubi da riga mai ƙyalli duk suna da amfani, amma bayan wannan suke zuwa. "A yi hattara" da ake faɗa wa ma'aikata kowace safiya ba ta riƙe mutumin da ya ɗauko buhu a ka yana sauri.

Mu ɗauki misalin da za mu bi har ƙarshe. Sito ne na taki, tsawonsa mita 60, faɗinsa mita 30, da manyan ƙofofi biyu suna kallon filin lodi. Foklif biyu ne masu dizal. Tirela tana zuwa da buhu 600 masu kilo 50, a jibge ba a kan falet ba, wato katakon da ake jera kaya a kai domin cokula su shiga ƙarƙashinsa, sai 'yan dako su sauke su jera 30-30 a kan falet, foklif ta kwashe zuwa ciki. Ofis yana kusurwar hagu, ban ɗaki da wurin sallah suna tsallaken fili.

Mataki na farko: ka ga inda ƙafa take bi

Kada ka fara da sayen fenti. Samu babbar takarda ka zana sito da fili, ƙofofi, ofis, get, famfo, wurin sallah, har inuwar da ake zama a ci abinci. Sai ka zauna wuni guda a ranar da ake aiki sosai, da biro kala biyu, ja na foklif da tirela, shuɗi na mutane. Duk wanda ya wuce, ka ja layinsa. Hanyar da ya bi za ka zana, ba wadda ya kamata ya bi ba. Ka sa har waɗanda ba ma'aikatanka ba: yaran mota, mai kawo abinci, ɗan aike da ya zo karɓar takardar kaya, mai saye da ya shigo duba buhu. Su ne suka fi shiga haɗari, domin ba su san yadda motar take juyawa ba.

Da yamma za ka ga wuraren da ja da shuɗi suka sarƙe. A sito irin namu kusan koyaushe uku ne: bakin manyan ƙofofi, gefen tirela, da tsakiyar fili lokacin Azahar da La'asar sa'ad da kowa ya nufi alwala. Yi ɗan lissafi a kan ƙofa kawai. Tirela ɗaya falet 20 ce, kowace falet shiga ɗaya fita ɗaya, wucewa 40 ke nan. Tirela biyar a wuni, foklif ta ratsa ƙofa sau 200. Idan ta nan mutane ma suke shiga, sau 200 ake gwada sa'a kullum.

Mataki na biyu: hanyoyi

Da yake ƙofofi biyu ne, mai da su hannu ɗaya: ta dama shiga, ta hagu fita, foklif ta riƙa zagaye. Wannan yana kawar da karo gaba da gaba tsakanin motocin biyu, yana rage ribas, kuma mai tafiya a ƙasa ya san ta ɓangaren da mota za ta ɓullo. Faɗin hanyar a auna shi da kaya mafi faɗi da ake ɗauka, a ƙara wajen mita 1. Inda kuwa foklif za ta juya ta fuskanci tari don ajiyewa, irin wannan mai tan 2.5 tana neman kusan mita 4.

Mutane kuma a fasa musu ƙaramar ƙofa tasu, kusa da ofis. Na san masu sito da yawa suna jin nauyin fasa bango, amma a duk kuɗin da za ka kashe a wannan aiki babu wanda ya kai wannan amfani. A wajen ƙofar, ka kafa shingen ƙarfe da zai tilasta wa mai fitowa ya juya gefe ya bi jikin bango, maimakon ya faɗo kai tsaye cikin fili. Hanyar ƙafa ta bi bango, faɗinta kada ya gaza mita 1, in mutane za su bi da kaya a ka a ƙara. A bakin ƙofofi da kwanoni da gaban ofis a sa shinge na gaske, bututun ƙarfe mai kauri da aka binne da kankare, tsayinsa ya kai ƙugu ko ya ɗan wuce. Fenti mai ruwan ɗorawa ya isa a miƙaƙƙen wuri da ake hango juna daga nesa, amma ƙurar taki da tayoyi suna cinye shi cikin 'yan watanni, sai an riƙa sabuntawa.

Wurin tsallakawa ya zama kaɗan, ɗaya ko biyu, kuma ya ratsa hanyar mota a miƙe, nesa da kwana da bakin ƙofa. A nan ne takardar nan taka za ta yi maka aiki. Idan ka sa mashigi a inda zai sa mutum zagayen mita 50 kafin ya kai famfo, ba zai bi ba, zai tsallake shinge. Wani lokacin abin da ya fi sauƙi shi ne ka ɗauke abin da ke jan mutane: a dawo da randar ruwa da butoci da tabarmar sallah ɓangaren ofis, shi ke nan babu dalilin ratsa fili. In wurin sallah ba zai ɗauku ba, a raba da lokaci. An kira sallah, foklif su sauke cokula ƙasa, a kashe, a zare makulli, sai an dawo.

Mataki na uku: gefen tirela

Nan ne aikin ya fi wuya, domin 'yan dako da foklif kaya ɗaya suke yi wa aiki, kuma kowa jiran ɗan'uwansa yake. Abin da aka saba gani shi ne falet tana cika direba ya kutso, mutane na jera ta kusa da ita, wani ma ya dafa buhun sama da hannu ana ɗagawa. Idan ka kafa doka cewa 'yan dako su koma gefe duk sa'ad da foklif ta zo, dokar ba za ta kwana biyu ba. Da buhu ake biyansu, tsayuwa asara ce gare su, kuma suna da gaskiya.

Mafita ita ce ka mai da tirelar kanta katanga. A tsayar da ita a wurin da aka shata, da fili a gefenta biyu. A jera falet biyar babu kaya a dama, biyar a hagu, da ɗan tazara tsakaninsu. 'Yan dako su fara da dama, foklif ba ta da abin yi a can, an ja sarƙa ko igiya mai kauri a bakin wurin. Sun cika biyar ɗin, buhu 150 ke nan, shugabansu ya duba kowa ya fita, su zagaya ta gaban mota su koma hagu, ya ja sarƙar hagu, ya buɗe ta dama, ya busa usur. Yanzu foklif ta kwashe na dama ta mayar da falet marasa kaya, su kuma suna cika na hagu. Juyi huɗu, tirela ta ƙare, ba wanda ya tsaya jiran wani. Mutum ɗaya ne kawai yake taɓa sarƙa da usur, kuma kowa ya san shi. Waɗanda ke saman tirela suna miƙo buhu ba sa dirowa ta ɓangaren da foklif take, ba sa kuma jefo komai ta nan.

Idan filinka ya yi ƙunci har ba za a sami gefe biyu ba, raba gefe ɗayan gida biyu, gaba da baya, ka bar aƙalla mita 3 babu kowa tsakaninsu da shinge mai ɗaukuwa. Bai kai na farko kyau ba, domin babu abin da ya tare gindin foklif in ya sharo, don haka sai shugaban 'yan dako ya tsaya a kan iyakar bai ɗauki buhu ba.

Kafin a taɓa buhu ko ɗaya, ita ma tirelar a ɗaure ta. A ja birkin hannu, a kashe inji, a sa waigi a tayoyi, direba ya miƙa makulli a ofis ya zauna a benci cikin inuwa da aka tanadar masa inda zai iya hango kayansa. In ba ka ba shi wurin da zai ga ana ƙirga buhunsa ba, zai zo ya tsaya a gefen foklif, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Makulli ba ya komawa hannunsa sai an gama, an leƙa ƙarƙashin mota. Wannan leƙen kada a raina shi: yaran mota suna shimfiɗa kwali su kwanta a inuwar ƙarƙashin tirela da rana tsaka. Lokacin da tirela take ribas kuma, mutum ɗaya ne zai ba direba hannu, yana tsaye a gefe inda direba ke ganinsa a madubi, ba a bayan mota ba, da sharaɗin cewa da zarar ya ɓace daga madubi direba ya taka birki.

Mataki na huɗu: abin da direba yake gani

Hau kujerar foklif da kanka, injin a kashe, falet cike a kan cokula an ɗaga ta kamar santimita 15 daga ƙasa, yadda ake tafiya da ita. Sa wani ya zagaya motar a hankali, daga nesa yana matsowa, kana faɗa masa duk inda ya ɓace maka, shi kuma yana shata wurin da alli. Sannan ya maimaita a sunkuye, kamar mai gyara buhu. Za ka ga ƙarafan ɗaga kaya suna ɓoye mutum sukutum, kuma gaban kaya akwai fili mai faɗi da ba a ganin wanda ya durƙusa. Ka kira 'yan dako su hau ɗaya bayan ɗaya su gani da idonsu. Wanda ya taɓa zama a kujerar nan ya nemi abokinsa ya rasa, ba sai an sake yi masa dogon bayani ba.

Daga wannan gwajin za ka yanke tsayin kaya. In direba ba ya hango ƙasa 'yan mitoci gabansa ta saman buhuna, ko a rage layi ɗaya, ko ya tafi da baya yana waiwaye, kaya na biye. Doka mai lamba 1910.178 ta OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta faɗi wannan na tafiya da baya ƙarara, ta kuma ce a rage gudu a danna oda a duk mararraba da inda ba a gani, a bar tazarar tsawon mota uku tsakanin foklif da ta gabanta. A gangare kuwa kaya su kasance ta sama koyaushe: a hau da gaba, a sauko da baya, kuma ba a juyawa a kan gangaren.

Bakin ƙofa yana da matsalarsa ta daban a ƙasarmu. Direba ya fito daga hasken rana mai ƙarfi ya shiga sito mai duhu, idonsa yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya saba, a cikinsu kuma ya ci mitoci. A sa fitilu masu ƙarfi a mitocin farko na cikin ƙofar shiga, ko a sauya wasu kwanukan rufi da masu shigar da haske, a ja layin tsayawa a bakin ƙofa: tsaya cak, oda, sannan shiga. Tarin buhuna da ke kan kwana a rage masa tsayi zuwa ƙirjin mutum domin a riƙa hango juna ta samansa. Inda ba za a iya ba, a kafa madubi mai tudu kamar bayan ƙoƙo a sama, a kuma ba wani aikin goge shi, don a lokacin hunturu kwana kaɗan ƙura take rufe shi. In aka ɗauke wuta, kowace foklif ta tsaya inda take har janareto ya kama. Riga mai ƙyalli ga duk wanda zai shiga fili, har baƙo. Waya a kunne ko abin jin sauti, babu, ga direba da mai tafiya duka, domin ƙarar janareto da injin tirela ma sun isa su danne ƙarar ribas.

Idan dole wani ya yi magana da direba, ya tsaya nesa da mita 3, ya ɗaga hannu, ya jira har sun haɗa ido, direba ya tsaya, ya sauke cokula, ya ja birkin hannu, ya yafito shi. Manaja ma haka zai yi. Ranar da aka ga oga ya taho ya dafa motar tana tafiya yana ba da umarni, ranar dokar ta mutu.

Mataki na biyar: gudu

Mutum yana ɗaukar wajen daƙiƙa ɗaya da rabi tsakanin ganin abu da taka birki. A gudun kilomita 6 a awa, wato saurin mai tafiya da hanzari, motar ta ci mita 2.5 kafin ƙafa ta sauka a birki, sai kuma ƙasa da mita 1 na birkin, jimla kamar mita 3. A kilomita 12, mita 5 ne kafin birki, birkin kansa ya ninka sau huɗu ya kai kusan mita 3, jimla wajen mita 8. Wannan a busasshen daɓe ne. Takin yuriya da ya zube yana jan laima ya yi santsi, riɗi ko gero da ya watse yana gangara ƙarƙashin taya. Kuma foklif mai kaya ba a yi mata birkin gaggawa lafiya, domin motar tana tsayawa buhuna su ci gaba, su zubo kan wanda ake ƙoƙarin kaucewa.

Don haka a cikin sito da bakin ƙofa da gefen tirela, kilomita 6 ne iyaka. A miƙaƙƙen fili da aka killace babu mai tafiya, kada a wuce 10. Yawancin waɗannan motoci ba su da agogon gudu, to rubuta lamba a bango ba ya gaya wa direba komai. Shata layi biyu mita 20 tsakaninsu, ka riƙe agogon waya. Daƙiƙa 12 shi ne kilomita 6. Daƙiƙa 7 ya kai 10. Kowane direba ya bi sau da yawa har jikinsa ya san saurin. In motar tana da na'urar ƙayyade gudu, kamar yadda masu batir da sababbin masu dizal da dama suke da ita, a kira makaniki ya saita. Kada a gina tudun rage gudu a hanyar foklif: ba ta da sifirin, tudun yana girgiza kaya ya zubar, yana iya kuma karkatar da ita.

Za a ce maka aiki zai yi nawa. Zagayen sitonmu mita 120 ne. A kilomita 12 daƙiƙa 36 ne, a 6 kuma 72. Bambancin daƙiƙa 36 sau 20, minti 12 a tirela, da mota biyu minti 6. Kuma a tsarin gefe biyu hannun 'yan dako ne yake yanke saurin aiki, foklif takan gama kwashe biyar ɗinta kafin su cika nasu. Abin da yake sa direba gudu da gaske shi ne ihun "yi sauri" daga ofis, ko biyan alawus bisa yawan tirela. In ka bar waɗannan, agogo da layi ba za su yi komai ba. Bel kuma a ɗaura shi: foklif marar kaya ta fi saurin kifewa a kwana, kuma direban da ya yi tsalle rufin motar ne yake danne shi. Makulli yana hannun wanda aka horar kaɗai, ba a ɗaukar kowa a gefe ko a kan cokula.

Yadda za ka gane tsarin ya fara lalacewa

Bayan mako biyu, zagaya da sassafe kafin a share. Sawun taya a kan hanyar ƙafa yana nufin kwanar ta yi wa motar ƙunci, sai a faɗaɗa ko a kafa turke. Sawun takalmi a ƙura inda babu mashigi yana nuna akwai abin da mutane ke nema a can, ka gano shi ka matso da shi. Duba ƙarfen bayan foklif: sabon karce ko fentin bango a jikinsa shaida ce gindin yana taɓa wani abu, ka nemo wurin. Falet da aka ajiye "na ɗan lokaci" a hanyar ƙafa tana tura mutane cikin hanyar mota, kuma alama ce wurin ajiya ya cika. Ka tambayi direbobi inda gabansu ya faɗi a makon nan, ba tare da ka hukunta wanda ya faɗa ba, in ba haka ba ba za ka sake ji ba.

Gwajin gaske yana zuwa gab da damina, ranar da tirela takwas suka yi layi, kowane direba yana roƙon a shigar da shi. Yanke tun yanzu tirela nawa filinka yake ɗauka ba tare da an taɓa hanyar ƙafa ko zagayen foklif ba. A namu biyu ne. Rubuta lambar a get, ka ba maigadi ikon tsayar da ta uku a waje har ɗaya ta fita, sababbin 'yan dakon da aka ɗauko don ranar kuma shugabansu ya zagaya da su ya nuna musu sarƙa da usur da mashigi kafin su ɗauki buhun farko.